An cire mini ₦296,800, shafin kuma ya ce ban biya ba

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Gombe. Na je biyan fam 140 na tantance takarduna a shafin hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya. Google ya nuna mini fam ɗaya ₦2,000, wato ₦280,000, don haka na zuba ₦310,000 a asusuna don kada a samu matsala. Na sa katina na Mastercard, OTP ya zo, na shigar, alat ya shigo an cire ₦296,800, amma shafin ya ce biyan bai yi ba. Na sake gwadawa, aka ƙi. Na gwada katin maigida na Verve, ko OTP bai zo ba. Yau kwana huɗu kuɗin bai dawo ba, kuma rabinsa rance ne. Maigida ya ce damfarata aka yi. Ƙanena kuma ya ce akwai wani yaro a kafe da zai biya mini da katin dala idan na tura masa naira. Me zan yi?

Daga wata 'yar'uwa, Tumfure, Gombe

Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, kuma ki kwantar wa maigida da nasa. Indai adireshin shafin na hukumar ne da gaske, ba wanda wani ya turo miki ta WhatsApp ba, to abin da kika bayyana bai yi kama da damfara ba.  Amma kafin komai, kada ki sake danna maɓallin biya, ko da kin samo wani kuɗin, sai kin tabbatar da abu ɗaya: na farkon ya shiga ko bai shiga ba.

Yakan faru shafi ya nuna gazawa alhali kuɗin ya isa, saboda sabis ya yanke a daidai lokacin da amsar banki ke komawa. Ki shiga shafinki na hukumar ki ga ko matakin biya ya wuce, ki duba imel ɗinki har da akwatin da tarkacen saƙonni ke faɗawa. In babu komai, ki rubuta musu ki ba su rana, lokaci, adadin fam 140, da lambobi huɗu na ƙarshen katin kawai, ki tambaya ko sun karɓa. Amsar da za su ba ki a rubuce ita ce makaminki a banki. Wanda ya biya sau biyu yana da wahalar da ta fi taki, don sai ya bi kuɗin da ya riga ya ƙetare teku.

Yanzu ga abin da ya faru da kuɗin. Biya da kati hawa biyu ne. A hawa na farko, shafin yana tambayar bankinki ta hanyar Mastercard: wannan katin zai iya biyan fam 140? In banki ya ce e, sai ya ware kuɗin nan take, alat ya shigo miki. Amma kuɗin bai bar banki ba tukuna. Kamar kuɗin da mai saye ya damƙa wa dillali ne kafin a ce an sallama: ya fita daga aljihunsa, bai shiga na mai kaya ba. A hawa na biyu ne, bayan kwana ɗaya zuwa uku yawanci, mai shafin zai aiko ya ce a ba shi kuɗinsa. In bai aiko ba, ko ya aiko da saƙon sokewa, kuɗin naki ne ya dawo.

Tunda OTP ya zo, kin shigar, kuma an cire, to bankinki ya amince. Wannan ya nuna katinki a buɗe yake ga biyan ƙasar waje, wanda shi ne babban shingen da yawancin mutane ke karo da shi. Matsalar ta faru ne bayan amincewar: ko dai amsar ba ta isa shafin a kan lokaci ba, ko kuma kamfanin da ke karɓar musu kuɗi ya yi zargin wani abu ya ƙi. Waɗannan kamfanoni suna duba ko adireshin da aka rubuta ya yi daidai da na katin, ko sunan ya dace, ko kuma wayar na nuna tana wata ƙasa alhali katin na Najeriya ne. Wannan na ƙarshen yana yawan kama masu barin VPN a kunne.

Gwaji na biyu ba shi da wani sirri. Bayan an ware ₦296,800 daga ₦310,000, abin da ya rage miki ₦13,200 ne. Babu yadda za a yi ya wuce. Na maigida kuwa, Verve kati ne na gida, na kamfanin Interswitch. Akwai 'yan manyan shafukan waje da suka ƙulla yarjejeniya suke karɓarsa, amma yawancin shafukan Birtaniya Visa da Mastercard suka sani. Lambobin farko na kowane kati suna faɗin irinsa da bankin da ya bayar da ƙasarsa, don haka shafin ya gane shi tun daga bakin ƙofa, tambayar ma ba ta isa bankinsa ba. Shi ya sa OTP bai zo ba. Kin ga ke nan ƙi uku kika samu, kowanne da dalilinsa daban, ko da yake a allon waya duk kala ɗaya suke.

Yaushe zai dawo? In saƙon sokewa ya iso da wuri, kwana ɗaya zuwa mako guda. In ba a aiko da komai ba, banki na jira ne wa'adin riƙon ya ƙare, kuma wannan na iya kai kwana 30. Ban ba ki shawarar ki zauna jiran wannan ba, musamman da yake akwai bashi a ciki. Ki je reshen bankinki da kanki, da safe, ki wuce layin masu cire kuɗi ki nufi teburin kula da kwastomomi. Kada ki ce musu "an cire mini kuɗi" kawai, don amsar da za ki samu ita ce "ki jira awa 24". Ki nemi su buɗe bayanin wannan cinikin a na'urarsu su faɗa miki abu uku: an riga an biya wa mai shafin ne ko har yanzu a riƙe yake, dala nawa Mastercard ya nema, kuma wace lambar amsa ce ta fito a gwaji na biyu.

Waɗannan lambobin amsa suna da amfani ga duk mai biyan kuɗi a waje, don su ne ke raba gardama. 51 na nufin kuɗi bai isa ba, a allo yakan fito da `Insufficient funds`. 61 na nufin an wuce iyakar da banki ya sa. 57 na nufin ba a yarda wa wannan katin irin wannan ciniki ba, wato a rufe yake ga ƙasar waje ko ga intanet. 05, wanda ke fitowa da `Do not honour`, shi ne mafi ban haushi, don banki ya ƙi ne bai faɗi dalili ba, sau da yawa na'urarsu ta zargin zamba ce ta tare. In kuma suka duba ba su ga alamar gwajin ba sam, to tambayar ba ta zo wurinsu ba, matsalar tana can ɓangaren shafin, kuma zaman banki ba zai gyara ta ba.

In suka ce a riƙe yake, ki miƙa musu imel ɗin hukumar da ke cewa ba su karɓa ba, ki rubuta takardar neman a saki kuɗin. In suka ce an riga an biya, amma hukumar ta ce ba ta gani ba, ki cika fom na ƙalubalantar ciniki, wanda banki zai bi ta Mastercard ya nemo kuɗin. Wannan na da wa'adi, kada ki bar shi ya yi watanni. Ko wanne ne, kada ki tashi daga kujerar nan sai an ba ki lambar ƙorafi, kuma ki ɗauki hoton takardar da aka buga wa hatimi. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce a fara kai kuka banki, a ba shi mako biyu, in bai warware ba a kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na CBN tare da wannan lambar. Ba tare da ita ba, za a ce ki koma bankinki.

Sai batun ₦16,800 da ya ɗoru a kan lissafinki. A nan ne mutane suka fi jin an cuce su, don haka bari mu warware shi a hankali.

Farashin da Google ke nunawa ba farashin sayarwa ba ne. Tsakiya ne tsakanin abin da manyan 'yan kasuwar kuɗi ke saye da abin da suke sayarwa. Ki je wurin kowane ɗan canji a Gombe ki tambayi dala, abin da zai fara ce miki shi ne, "Saye za ki yi ko sayarwa?" Farashi biyu ne a bakinsa, kuma babu ɗaya da ya yi daidai da na waya. Banki ma haka yake, shi ma ɗan kasuwa ne.

Abu na biyu, kuɗinki canji biyu ya sha. Ba a juya fam zuwa naira kai tsaye. Mastercard ne ke fara juya fam zuwa dala da nasa farashin, domin da dala bankunanmu ke biyansa. Sannan bankinki ya sayar miki da wannan dalar da nasa farashin na kati na wannan ranar. Mu ɗauki misali da alƙaluman da suka dace da naki. A ce a Google fam ɗaya dala 1.33 ne, dala ɗaya kuma ₦1,504, wanda ya ba da kusan ₦2,000 ɗin da kika gani. A wannan lissafin fam 140 zai zama dala 186.20. In Mastercard ya yi amfani da 1.34, ya koma dala 187.60. Bambancin dala 1.40 ne, wajen ₦2,100. To ki raba ₦296,800 da 187.60, za ki samu kusan ₦1,582. Wannan ne ainihin farashin da banki ya sayar miki da kowace dala, har da duk wani caji da ya cusa a ciki. Ƙarin ₦78 ke nan a kan kowace dala, jimla wajen ₦14,700. Kin ga kaso mafi tsoka yana hannun bankinki ne, ba a Landan ba.

Gaba ɗaya, fam ya tsaya miki a ₦2,120, ƙarin kashi 6 cikin ɗari. A ganina ya ɗan yi nauyi, amma ba sata ba ce, kuma ba abin da za ki yi nasarar ƙara a kansa ba ne in shi ne farashin da suka sanar na ranar. Abin da ke hannunki shi ne kwatantawa. Bankuna ba su da farashin kati ɗaya. Wasu na nuna shi a manhajarsu, wasu sai an tambaya. Kafin ki sake biya, ki tambayi abokan aikinki da suka biya kwanan nan da katin wani banki: nawa aka cire, nawa suka biya a fam? Ku raba, ku ga wanda ya fi sauƙi. A kan fam 140 bambancin na iya zama 'yan dubbai, amma akwai kuɗaɗen da suka fi wannan girma a gabanki a wannan tafiyar, kuma a can ne kashi biyu ko uku ke zama kuɗin cefanen wata.

Akwai wani abu da ya kamata ki sani game da dawowar kuɗin. In sokewa aka yi, ₦296,800 ɗinki zai dawo cif. In kuwa an riga an biya sannan hukumar ta mayar, to fam 140 za su mayar, bankinki kuma ya juya shi da farashin ranar da ya iso, sau da yawa da farashin saye, ba na sayarwa ba. Sai ki ga ya dawo da giɓi. Haka ma in biya ya yi nasara: farashin ranar da aka ware da na ranar da aka kammala na iya bambanta, wasu bankunan sukan dawo su ciri cikon. Don haka kada ki share asusun tas bayan kin biya, ki bar 'yan dubbai a ciki na kwana uku.

Game da rufe katuna kuwa, ba ke aka tsana ba. Duk lokacin da kika biya da katin naira a waje, naira kika bayar, amma banki dala zai fitar daga nasa. Da dala ta yi wuya, bankuna suka dinga rage iyaka har ta kai dala 20 a wata a 2022, daga baya manya da yawa suka rufe gaba ɗaya a ƙarshen 2022 da farkon 2023. A lokacin tazarar farashin gwamnati da na 'yan canji ta yi faɗi sosai. A watan Yunin 2023 CBN ya haɗe farashin canji ya bar kasuwa ta yi halinta, kuma sai a watan Yulin 2025 wasu bankuna suka fara sake buɗe katunan naira. Amma kowanne da iyakarsa: wani a wata yake ƙirgawa, wani a wata uku, wani kuma ya danganta da irin katin. Wannan ya shafe ki kai tsaye, domin dala 187 ɗin da aka riƙe na iya ci gaba da cin iyakarki har sai an sake ta. Ki tambaye su nawa ne iyakarki, nawa ya rage. In ba haka ba, za ki zuba sabon kuɗi ki sha 61.

Yaron kafe kuwa, a'a. Ban ce ɓarawo ne ba, ban san shi ba. Amma ki dubi abin da za ki miƙa masa: kuɗinki, da kalmar sirrin shafin da ke ɗauke da fasfonki da takardun karatunki. In biya ya sake maƙalewa, ko hukumar ta mayar da kuɗi, katinsa zai koma, ba naki ba, kuma ba ki da bankin da za ki je ki yi kuka. Mafi muni, ba ki san da katin wa zai biya ba. Akwai masu karɓar naira su biya da katin sata. Bayan makonni mai katin ya yi ƙorafi, a janye kuɗin, sunanki ne zai rage a gaban hukumar da kike neman ta yarda da amanarki ta ba ki lasisin kula da marasa lafiya. Garin neman gira kada a rasa ido.

Abin da zan yi in ni ne ke: in jira kuɗin ya dawo, in sake gwadawa da wannan katin dai, tunda ya riga ya nuna yana wucewa. Amma a wannan karon ki shirya. Ki zuba abin da ya haura ₦296,800 da aƙalla kashi 5 cikin ɗari, wajen ₦312,000, ko fiye in naira ta motsa. Ki duba manhajar banki ki tabbatar biyan intanet da na ƙasar waje duk a kunne suke. Ki kashe VPN. Ki rubuta suna yadda yake a jikin katin, adireshi kuma yadda yake a banki, ba na wata ƙawa da ke Birtaniya ba. Ki samu wurin da sabis ke da ƙarfi, layin da OTP ke shigowa yana hannunki, kuma bayan kin shigar da shi kada ki koma baya ko ki rufe shafin, ki bar shi ya gama juyawarsa. In shafin ya tambaye ki ko za ki biya a fam ko a wani kuɗin, ki zaɓi fam. Wancan tayin na nufin su ne za su yi canjin da farashinsu, wanda kusan kullum ya fi tsada, kuma ko da naira suka nuna miki, bankinki zai ɗauke shi ciniki na waje ne, don ƙasar mai karɓar kuɗi ake dubawa. In ya ƙi sau ɗaya, ki tsaya. Gwaji a jere na sa na'urorin ɓangarorin biyu su ɗauki katin a matsayin abin zargi.

In wa'adinki ya matso kuma kuɗin bai dawo ba, ko iyakar katin ta yi kaɗan, hanyar da ta fi tsabta ita ce asusun dala da katinsa a banki, da sunanki. Ki sayi dala, ki zuba, ki biya. Canjin fam zuwa dala na nan, don haka ga fam 140 kada ki zuba 187 cif, ki sa wajen dala 195 zuwa 200. Amfaninsa shi ne ke kika san nawa kika sayi dalarki, kuma in an mayar da kuɗi a dala zai dawo. Sai dai katin na da kuɗin yinsa da na kula da shi, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya fito, don haka ki tambaya tun ranar da kika je ƙorafin.

Katunan dala na manhaja, waɗanda lamba ce kawai a waya, sun fi sauri, kuma mutane da yawa sun rayu da su a shekarun da bankuna suka rufe. In za ki bi ta nan, ki buɗe da sunanki da BVN ɗinki, ki lissafa kuɗin ƙirƙira da na zubawa a kan farashinsu kafin ki ce ya fi arha. Wasunsu na cin tara duk lokacin da aka ƙi biya don kuɗi bai isa ba, wasu ma su rufe katin bayan 'yan lokuta. Wasu shafukan kuma ba sa karɓar irinsu. Kada ki ajiye kuɗi a ciki fiye da na biyan da ke gabanki.

Shi kuma wanda ya ba ki rance, ki sanar da shi tun yanzu, da lambar ƙorafin da ranar da banki ya ce a sa ido. Maigida kuma ki tafi da shi bankin in zai samu sarari, ya ji da kunnensa daga bakin ma'aikacin cewa kuɗin a riƙe yake ko an biya. In mako biyu ya cika daga ranar da aka ba ki lambar kuma shiru, ki rubuto mini da abin da suka ce game da waɗancan tambayoyi uku, sai mu tsara takardar CBN tare.